Daga "Ko an Sha'afa ne?" zuwa "Ina Bin ka": Amsoshi kan Lafazin Tunin Bashi

Malam, ina sayar da kayan gini a Funtuwa. Wani ɗan kwangila ya ɗauki kayan N450,000 ranar 10 ga Fabrairu, ya ba da N270,000, ya ce ciko sai 5 ga Maris. Ranar ta wuce, shiru. Yaya zan rubuta masa, daga lallashi har zuwa magana mai ƙarfi, ba tare da na ci mutuncinsa ba?

Alhaji, saƙo uku sun ishe ka, kuma babu wanda yake bukatar kalma mai zafi ko guda. Ƙarfin magana a Hausa yana fitowa ne daga wakilin sunan da ka zaɓa, da tsawon gaisuwarka, da uzurin da ka ba mutum ko ka janye. Ga na farko, kamar ranar 7 ga Maris:

"Assalamu alaikum Alhaji. An wuni lafiya? Ya iyali, ya aiki? Dama tuni ne nake yi kan cikon kuɗin kayan nan, N180,000, da aka ce 5 ga wata. Na san hidima ta yi yawa, wataƙila an sha'afa ne. Idan an samu hali a turo ta asusun da aka saba. Allah ya ƙara buɗi."

Duba da kyau, babu "ka" ko ɗaya a ciki. An ce, an sha'afa, a turo. Wannan "a" ɗin ita ce wadda muke gaida manya da ita, "an tashi lafiya?", kuma aikinta a nan shi ne ta ambaci laifi ba tare da ta nuna mai laifin da yatsa ba. "Dama" tana nuna kamar maganar ta biyo hanya ce kawai. "Sha'afa" kuwa uzuri ne da kai ka ƙera ka miƙa masa, ko da ka san sarai bai manta ba, domin ya samu ƙofar da zai fito da mutuncinsa. Amma adadin kuɗin da ranar alkawari suna nan. Masu jin nauyi sukan cire su, su rubuta "maganar nan tamu fa", sai a amsa musu da "in sha Allahu", a wuce wurin.

Bayan kwana goma, in shirun ya ci gaba:

"Salamu alaikum Alhaji, barka da aiki. Na yi maka tuni ranar 7 ga wata kan cikon N180,000, har yanzu shiru. Ni ma masu kaya suna jira na. Don Allah ka biya nan da 25 ga wata. Idan ba zai yiwu gaba ɗaya ba, ka faɗa mini nawa za ka iya bayarwa yanzu, da ranar da za ka cika."

Gaisuwa ta ragu zuwa layi ɗaya, "ka" ta shigo, maganar mantuwa ta fita. "Idan an samu hali" ta ba da wuri ga ranar da aka yanke. "Don Allah" tana nan, domin har yanzu roƙo kake yi. Jimlar ƙarshe ita ce mai aiki, don ita ce take rarrabe maka wanda babu ta hana shi da mai taurin bashi. Wanda ba shi da shi zai kira ka ya ce ga dubu hamsin, saura ƙarshen wata. Mai taurin bashi zai aiko maka da addu'a mai tsawo wadda babu lamba a cikinta. Addini ma ya raba su: aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, hadisi kuma ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne.

Na uku, ranar 1 ga Afrilu, kuma wannan gara ya zama takarda mai sa hannu ka riƙe kwafi:

"Salamu alaikum Alhaji. Ina bin ka N180,000, cikon kuɗin kayan da ka ɗauka ranar 10 ga Fabrairu. Na yi maka tuni ranar 7 da ranar 17 ga Maris. Na ba ka nan da 15 ga Afrilu. Idan ranar ta wuce ba ka biya ba, zan kai maganar gaban shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa, in ba ta warware a can ba, sai kotu."

Sai yanzu "ina bin ka" ta fito fili. "Don Allah" ta tafi, addu'ar rufewa ta tafi, amma sallama da "Alhaji" suna nan daram. Kada ka taɓa su. Ranar da ka kira shi da sunansa gatsau, maganar ta tashi daga kuɗi ta koma raini, kuma shi zai riƙa bi yana faɗa wa mutane cewa ka wulaƙanta shi, ba zai ambaci N180,000 ba.

Abu ɗaya da nake roƙon ka, ka guji "zan ɗauki matakin da ya dace". Wannan Hausar sanarwar gwamnati ce a rediyo, an maimaita ta har ta suɗe, babu wanda take razanarwa. Wane mataki? Faɗe shi da sunansa. "Za ka gani" kuma ta fi muni, domin barazana ce da za a iya karanta maka a gaban alƙali. Kuma kada ka rubuta abin da ba za ka aikata ba. In ka ce kotu, ranar 16 ga Afrilu ta zo ka sake aika "tuni na ƙarshe", ka koya masa cewa ƙarshenka ba shi da ƙarshe.

Malam, na ga takardar wata makaranta an rubuta wa iyaye: "Kuna bin makaranta bashin N35,000." Daidai ne? Daga wata malama a Zariya.

Malama, in iyayen suna da wayo su je ofishin akawu su karɓi kuɗinsu, don abin da takardar ta ce ke nan. Mai bin bashi shi ne mai kuɗi. Wanda ake bi shi ne ya ci bashin. Hoton a fili yake: ɗaya yana gaba, ɗaya yana biye da shi yana neman haƙƙinsa. Abin da ya kamata a rubuta shi ne "makaranta tana bin ku N35,000", ko a takardar farko, inda ake son sassauci, "akwai ragowar N35,000 na kuɗin zangon nan".

Wannan kuskure yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kakar da ba ta taɓa shiga aji ba ba za ta yi shi ba. Masu boko ne suke yin sa. Suna tsara jimlar da Turanci a kansu, inda wanda ya ci bashi shi ne mai aikatawa, sai su ɗora kalmomin Hausa a kai ba tare da sun juya ta ba. Daga wannan masaƙar ce "tunatarwa ta abokantaka" ta fito, wadda ake liƙawa a saman takarda. Bahaushe ba ya sanar da kai cewa zai yi maka magana mai daɗi, gaisuwarsa ce take nunawa. Haka "ka yi watsi da wannan saƙo idan ka riga ka biya". Watsi ai da abin banza ake yi, kana nufin takardarka shara ce? Cewa ake yi "idan an riga an biya, a yi haƙuri da mu". Sai kuma "muna baƙin cikin sanar da ku". Baƙin ciki a Hausa ko dai na rashi ne ko na hassada, kuma ban ga wanda ya dace da kuɗin makaranta ba.

Tun da makaranta ce, ƙarin magana ɗaya: takardar iyaye a rufe ta a ambulan. Lafazinta ko ya kai zuma daɗi, in aka karanta sunan yaro a filin taro, an gama cin mutuncin uban.

"Kafin 25 ga wata" da "nan da 25 ga wata" ɗaya ne?

A'a. "Kafin 25" ta ƙare ranar 24 da dare. "Nan da 25" ta haɗa da ranar 25 ɗin. In kana gudun gardama, rubuta "ranar 25 ce ranar ƙarshe".

Wace karin magana ce ta fi dacewa in saka a takardar ƙarshe? Ina tunanin "sabo da kaza ba ya hana yanka ta".

Babu ko ɗaya, balle wannan da ta mayar da abokin cinikinka kaza, kai kuma mai wuƙa. Karin magana a bakin mai bin bashi habaici ce, habaici kuwa ramawa ake yi. Ka ce masa "alkawari kaya ne", ya ce maka "bashi hanji ne, yana cikin kowa". Ka ce "rana ba ta ƙarya", ya ce "mai haƙuri shi kan dafa dutse". Haka za ku kwana kuna musayar hikima, kuɗinka suna aljihunsa.

"Bashi hanji ne" ɗin nan ma mutane suna amfani da ita a karkace. Magana ce ta rage kunya, ma'anarta babu wanda ya tsira daga cin bashi, don haka kada a raina wanda ake bi. Tana da kyau a bakin mai kuɗi idan yana son kwantar da hankalin wanda ya zo yana sunkuyar da kai: "Haba, kada ka damu, bashi hanji ne." In wanda ake bi ne ya faɗe ta da kansa, ranar da wa'adi ya cika, to ya ɗauki maganar ta'aziyya yana yi wa kansa. Hanjin yana cikin kowa, gaskiya ne, amma karin maganar ba ta ce kada a biya ba.

Mene ne bambancin bashi, rance da aro? Wanne zan rubuta wa ƙanin mijina da ya karɓi N60,000?

Hajiya, aro shi ne abin da za a dawo da shi kansa, kamar tsani ko tukunya. Rance shi ne abin da za a kashe ko a cinye a maido da kwatankwacinsa, kuɗi ko tiyar gero. Bashi ya game duk abin da ya hau kan mutum, har kayan da aka ɗauka ba a biya ba. Naki rance ne, kuma kalmar ta fi bashi taushi a kunne, don tana ɗauke da ma'anar taimako. Amma ƙanin miji ba a jera masa saƙo uku. Ki yi na farko da bakinki, cikin wasan da ke tsakaninku. In bai ji ba, na biyu aikin yayansa ne.

Jam'in bashi, basuka ne ko basussuka?

Basussuka na fi so a rubuce, amma wanda ya ce basuka ba zan tsayar da shi a hanya ba.