Siminti na ƙarewa, gini bai tashi ba: takardar mako da za ka nema daga mai sito

Tambaya: "Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina gina jerin shaguna a bayan gari. Ba na samun zuwa wurin sai ranar Asabar. Ƙanen uwargidana na ɗora a kan sito. Kullum sai a ce siminti ya ƙare, ni kuma ban ga ginin yana tashi daidai da kuɗin da nake fitarwa ba. Ba na son in zargi yaron ba hujja. Yaya zan yi?"

Amsa: Alhaji, ka yi daidai da ba ka buɗe baki ba tukuna. Abin da za ka nema daga yaron nan shafi ɗaya ne duk ranar Asabar, da hannunsa, kuma ka gaya masa a gaban shugaban magina cewa takardar kariya ce gare shi. Gaskiya ce ba lallashi ba, domin duk ranar da kaya suka yi ƙafa, mai riƙe da mabuɗi ake fara kallo.

Lambobi huɗu ne za su fito a kan kowane kaya: abin da aka wayi garin mako da shi, abin da aka kawo, abin da aka fitar, da abin da aka ƙirga da hannu a sito ranar Asabar. Na ƙarshen nan ba da biro ake samo shi ba. Sai an shiga an taɓa buhu ɗaya bayan ɗaya, kai kana tsaye ko wakilinka.

Mu ɗauki siminti a misali. Asabar da ta wuce an rufe sito da buhu 80. Ranar Talata mota ta sauke 200, an ƙirga a bakin mota kafin a sa wa direba hannu, jimla 280. Littafin fitarwa ya nuna an ba magina 130 cikin mako. Ke nan 150 ya kamata a tarar. Aka ƙirga, aka sami 143 masu kyau. Saura bakwai. Yaron ya nuna maka uku a lungu sun daskare sun zama dutse saboda danshi, ka gani da idonka, a rubuta su a matsayin asara. Huɗu kuma ba su ba dalilinsu.

Yawancin masu gini nan suke tsayawa, su yi ta faɗa a kan buhu huɗu. Ni kuwa ba su ne suka fi damuna ba. Wannan 130 da aka ce an fitar ita nake so ka tsura wa ido, domin duk mai wayon da zai kwashi kaya ba ya barin giɓi a sito. A littafin fitarwa yake ƙara lamba, lissafi ya fito cif, takarda ta yi kyau, siminti kuwa ya kwana a wani gida.

Don haka a ƙasan shafin dole a rubuta aikin da aka yi a makon, a gwada shi da abin da aka fitar. A ce an ɗora bulo mai inci tara guda 2,500. Bisa al'ada buhu ɗaya mai kilo 50 yana ɗora irin wannan bulo wajen 50, ka ga buhu 50 ke nan. An kuma zuba kankare na ginshiƙai da linta mita kubik 8, wato tsawo sau faɗi sau kauri. Idan kwaɓin nan ne na siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kowace mita tana cin buhu shida zuwa shida da rabi. Mu ɗauki na saman, 52. Aikin mako gaba ɗaya bai wuce buhu 102 ba, alhali 130 aka fitar. Ashirin da takwas ne a tsakani.

Kada ka yi saurin cewa duka sata ce. Kwaɓi yana zubewa a ƙasa, wani yana bushewa a baro idan aka tashi sallah ko cin abinci, wani maginin kuma hannunsa na da nauyi. Abin da zai raba maka gardama shi ne buhun da aka juye. Ka kafa doka cewa duk buhun da aka buɗe, a dawo da fankonsa sito da yamma, a ɗaure goma-goma. Idan a wannan mako an ƙirga fanko 108, to shida ɗin da suka hau kan 102 ɓarnar aiki ce, ka yafe. Amma 22 sun fita ƙofar sito ba a taɓa yage bakinsu a wurin ba. Ka ninka da farashin buhu na yau, ka sake ninkawa da makonnin da aka yi ana gini, za ka gane inda kuɗinka ke shiga. Bayan ka ƙirga fankon kuma, ka sa a mota ka tafi da su, in ba haka ba su za a sake nuna maka mako mai zuwa.

To wa ya ɗauka? Wannan sa hannu ne zai faɗa. Kowace fitarwa a rubuta rana, adadi, aikin da za a yi da shi, sannan wanda ya karɓa ya sa hannu ko ya dangwala. Idan shugaban magina ya sa hannu a kan 130, yaronka ya fita, tambaya ta koma kan wanda ya karɓa. Idan kuwa akwai layukan da babu hannun kowa, mai sito ne zai yi bayani. Shi ya sa nake roƙonka kada ka bar mutum ɗaya ya zama shi ke karɓar kaya, shi ke fitarwa, shi ke ƙirgar Asabar, ko da ɗan cikinka ne. In ka yi haka, ka ɗora masa nauyin da ba zai iya wanke kansa daga gare shi ba.

Wannan 50 da na ce na bulo, kada ka riƙe ta kamar karatu. Ta danganta da kaurin kwaɓi tsakanin bulo da kuma ko bulon ya fita daidai. Ka sadaukar da yini ɗaya ka bar shago, ka zauna a wurin, ka ga buhu nawa aka buɗe, bulo nawa ya hau. Abin da ka samu ranar shi ne ma'aunin wurinka. Ba mamaki ka ga ranar siminti ya yi auki fiye da kullum, wannan ma ka rubuta shi.

Rodi kuma sanda-sanda ake ƙirga shi, kowane kauri da layinsa. Cikakken rodi mita 12 ne. Mai kaurin milimita 12, wajen sanda 94 ke cika tan ɗaya, mai 16 kuwa wajen 53. Idan ka biya kuɗin tan, a ƙirga sandunan a bakin mota, a auna tsawon biyu ko uku, domin wani giɓin tun daga wurin mai sayarwa yake tasowa, yaronka bai san hawa ba bai san sauka ba. Guntayen da suka rage bayan yanka su ma a tara su wuri ɗaya, don suna da kasuwa a wurin 'yan gwangwan.

Su kuma buhu ukun da suka daskare, hana sake faruwar hakan na hannunka, musamman da damina. A shimfiɗa katako a ƙasa, a janye kayan daga jikin bango, kada jeri ya wuce buhu goma a tsaye, kuma tsohon kaya a fara fitarwa kafin sabo. Jerin goma-goma zai sa ƙirgar Asabar ba za ta ci maka minti goma ba. Wannan Asabar ɗin ka je da sabon littafi, ku ƙirga komai tare da yaron da shugaban magina, ku uku ku sa hannu a kan lambar farko. Daga ita za a fara lissafi, abin da ya wuce kafin nan ba ka da takardar da za ka kama kowa da ita.