Shinkafa tana ƙarewa, kuɗi ba su cika

Tambaya: "Ina da gidan abinci a Kano. Buhun shinkafa yana ƙarewa da wuri, ciniki kuma bai kai ba. Ina matsalar take?"

Hajiya, fara da sikeli. Buhu mai kilo 50, in kowane faranti yana cin giram 125 na ɗanyar shinkafa, faranti 400 zai bayar. Raba kuɗin buhun gida 400, ki ƙara na mai, nama da gas na faranti ɗaya, kin san abin da faranti yake ci miki. In kika sayar da 340 buhu ya ƙare, faranti 60 sun salwanta. Sau da yawa ba sata ba ce, hannun mai zubawa ne, musamman in ta ga ɗan garinsu. Ki tsayar da ludayi ɗaya.

Sai ki ajiye littafi kusa da murhu. Ƙanzo, abin da ya kwana ya lalace, abincin ma'aikata, duk a auna a rubuta da dalili. Mako guda zai nuna miki ko tukunyar yamma ce take yin yawa.

Batun sito kuwa, in kina dafa kilo 20 kullum, ana kawo kaya duk bayan kwana uku, ki riƙe kilo 80, wato 60 da rarar kwana ɗaya. Ranar saye ki ƙirga ragowar, ki cike giɓin kawai. Tumatir ban da shi, a zafin Afrilu na kwana biyu ma ya yi yawa.