Sitetimen ta waya: yaya zan gane na gaskiya ne?

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Wani sabon abokin ciniki yana son kayan naira miliyan 3 bashi, ya turo mini sitetimen ɗin bankinsa ta WhatsApp don in ga ƙarfinsa. Har da tambari da sa hannu. In yarda?

Amsa: Alhaji, kada tambarin nan ya ruɗe ka. Mai kwamfuta zai iya ɗauko shi daga takardar gaske ya manna a ta bogi, ya ƙara sifili ɗaya a ƙarshen kuɗin, ido ba zai gane ba. Abin da za ka dogara da shi shi ne abin da ya fito daga banki kai tsaye zuwa hannunka.

Duba sama ko ƙasan takardar. Wasu bankuna suna sa alamar QR ko lambar tantancewa. Idan ka haska kyamarar waya a kai, ya kamata ta kai ka shafin bankin. A nan mutane ke yin sakaci: da zarar shafi ya buɗe sai hankalinsu ya kwanta. Ka karanta adireshin harafi bayan harafi, ka gwada shi da wanda ke cikin manhajar bankin, domin 'yan damfara suna ƙirƙirar shafi mai kama da na gaske, harafi ɗaya kawai suka sauya. Ko da shafin na gaske ne, aiki bai ƙare ba. Ana iya barin lambar asali a kan takardar da aka taɓa alƙalumanta. Saboda haka ka gwada suna, lambar asusu mai lamba 10, kwanakin da takardar ta ƙunsa da ragowar kuɗin ƙarshe. Idan shafi ya nuna 310,000, takarda kuma ta ce 3,100,000, magana ta ƙare.

In babu lambar tantancewa, hanyar da na fi so ita ce ya zauna a shagonka, ya buɗe manhajar bankin a gabanka, ya nemi sitetimen na wata 6, ka ga saƙon yana shigowa imel ɗinsa daga banki. Kada ka yarda da wanda ya riga ya ajiye a waya. Ko ku tafi reshe tare a buga masa a kan idonka. Kai kaɗai in ka je, banki ba zai buɗe maka sirrin asusun wani ba tare da izininsa ba, kuma daidai ne hakan. Kada kuma ka nemi lambar sirrinsa, ba ka da buƙatarta.

Abu guda da lambar tantancewa ba za ta faɗa maka ba: kuɗin na waye. Idan miliyan 3 sun shigo a dunƙule kwana biyu kafin a buga takardar, alhali a watannin baya asusun bai wuce dubu 200 ba, mai yiwuwa aro ya yi don ya nuna maka. Irin wannan, ka nemi wanda zai tsaya masa a kasuwa kafin dila ɗaya ta bar shagonka.