Aya da babban baƙi: a bar yaro ya ɗora su da hannunsa

Tambaya: Malam, ina koya wa yara karatun Hausa da yamma a Aboabo, nan Kumasi. Kullum sai na ce a fara jimla da babban baƙi, a rufe da aya, amma washegari sun manta. An ce in gwada tsinken kwali mai kalmomi. Yaya ake yi? (Wata malama)

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri. Yaranki suna da uzuri. Yawancin yaran zango da baƙaƙen Larabci suka fara buɗe ido a makaranta, kuma rubutun Larabci da ajami ba su da babba da ƙaramin baƙi. Aya kuwa sun san ta, domin suna ganin alamar da ke ƙarshen kowace ayar Alƙur'ani, sun san a nan mai karatu yake tsayawa. Daga nan za ki kama. Ki ce musu ɗigon boko shi ma aya ake kiransa, wurin tsayawa ne.

Ki yanko kwali dogo, mai faɗin yatsu huɗu, ki ja layi a tsawonsa. A kan layin ki rubuta yara sun sha koko, duka da ƙananan baƙaƙe, ba ɗigo. A nan malamai da yawa suke kuskure: sai su rubuta Yara da babban baƙi tun farko, su manna ɗigon a jikin koko. Yaro kuma sai ya ɗauka haka aka halicci kalmomin. Ke ki yanka ƙananan kwalaye daban, ɗaya da Y, ɗaya da D, ɗaya da ɗigo kaɗai, ki yi su da jan tawada.

Ku karanta jimlar tare, kina nuna kowace kalma da yatsa. Sannan ki sa almakashi ki yanke ta kalma-kalma a gabansu. Yankan nan ma darasi ne, domin yaron da ya ga an raba sun da sha zai rage rubuta sunsha a haɗe. Ki cakuɗa guda huɗun, ki kira yaro ya jera su har sai maganar ta yi daɗin ji. Idan ya jera, ki tambaye shi ina maganar ta fara. Ya ɗauki jan Y ya rufe ƙaramin y da shi. Ki nuna masa cewa ƙaramin yana sauke wutsiya ƙasan layi, babban kuwa a kan layi yake tsaye. Ina ta ƙare? Ya ajiye ɗigon bayan koko, a kan layi, ba a sama ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ma'ana abin da ido ya shaida ya fi labari tabbata. A nan har hannu ya shaida.

Sai dai har yanzu ba ki san ko ya gane ba. Ki kawo sababbin kalmomi biyu, wato da safe, ki ce a sa su a ƙarshe. Wanda ya gane zai ɗauke ɗigon ya matsar da shi: Yara sun sha koko da safe. Wanda ya bar shi a tsakiya, ki sa ya karanta da ƙarfi, ya tsaya cik a kan ayar, zai ji da kunnensa cewa da safe ta rage a rataye. Sannan ki ce a dawo da da safe farko. Yanzu dole jan Y ya sauka, D ya hau: Da safe yara sun sha koko. Idan kika ga Da safe Yara, to yaron yana zaton babban baƙin na kalmar ne, bai gane cewa na farkon magana ba ne. Kada ki wuce da shi gaba. Ki yi ta sauya wa kalmomin wuri har hannunsa ya riƙa kai wa jan kwalin ba tare da kin ce ba.

Ina roƙonki ki jinkirta sunaye. Kumasi da Amina suna ɗaukar babban baƙi ko a tsakiyar jimla, kuma idan suka shigo da wuri za su rikita ƙa'idar. Haka s da o da z, waɗanda babba da ƙaramin siffarsu ɗaya ce, girma ne kawai bambancin.

Idan wannan ya zauna, sai ki shigo da namu na Hausa. Ƙosai ya ƙare: lanƙwasar ba ta faɗuwa don baƙin ya girma, haka Ɓ da Ɗ. Shayi ya huce: S kaɗai ke girma, h na nan ƙarami. 'Yan makaranta sun tashi: alamar tana gaba, Y ne babba. Kowace jimla suka jera, su kwafe ta a littafinsu kafin ki tattara kwalayen.