Kwamfuta ba ta ja layi ba amma an ce akwai kuskure

"Don Allah jama'a, na rubuta takardar neman aiki a Word, ko jan layi ɗaya babu, amma yayana ya ce na sa there a wurin their. Ya aka yi haka?"

Ɗan'uwa jan layin nan ba ma'ana yake dubawa ba, kawai yana duba ko kalmar tana cikin ƙamus ɗinsa ne. Kuma there ai kalma ce ta gaskiya, shi ya sa ya wuce ta. Shuɗin layin nahawu yakan kama wasu amma kar ka sakankance da shi.

Abin da nake yi, in na gama rubutu sai in danna `Ctrl+F` in nemo there, their da they're ɗaya bayan ɗaya. Misali ka rubuta "I helped customers with there orders", to gwada sa "they are" a wurin, ka ga bai zauna ba, ke nan ba they're ba ce, tunda ita "they are" ce a taƙaice. Sai ka tambayi kanka odar ta waye, ta kwastomomi ce, mallaka ke nan, to their ce. Ita there wuri take nunawa, ko "akwai" kamar "there is".

Su to, too, two sun fi sauƙi, two lamba ce, too kuma "ma" ko abu ya yi yawa, sauran duk to.

Kar ka ce za ka gano su ta karantawa da ƙarfi, a kunne duk ɗaya suke wallahi. Tunda takardar aiki ce, ka ba malamin Turanci ya duba maka kafin ka tura.