Waƙar da muka yi wa su Mma

Yaya, na ga tambayarka, wai mu 'yan zangon Kumasi har da mu a ranar iyaye mata, kuma me ya sa tamu ba ta zo daidai da wadda kuke ji a Kaduna ba. To wadda kuke ji wajen watan Maris lissafin Ingila ne, Lahadi ta huɗu cikin azumin Kiristoci, shi ya sa ka fi jin ta a coci. Mu a Gana Lahadi ta biyu ce a watan Mayu, irin ta Amurka, su tun 1914 gwamnatinsu ta tsayar da ita. A zango ba wani biki muke yi ba fa, akwai ma malaman da ba sa so, atamfa ce turmi ɗaya da 'yar waƙa, jika ya tsaya ya karanta bayan la'asar.

Ga ta bana:

Mma, ke kike riga ladan tashi,
Sanyin asuba bai hana ki ba.
Koko da ƙosai suka kai mu makaranta,
Ko sisi ba ki ɓoye wa kanki ba.
Goggo da ta goya ni a bayanta,
Zaninta ya jiƙe, ba ta sauke ni ba.
Mma ƙarama mai tuwon dare,
Ba ta taɓa ce min ɗan kishiya ba.
Waɗanda suka riga mu, Allah ya jiƙan su,
Ba mu cire ku a addu'a ba.

Ƙwar biyu ce, kowane baiti ya sauka a kan "ba", da kunne ake gane in ta karye, in mai karantawa ya fara cin tuntuɓe to ɗango ya yi tsawo, a rage.

Amma inda ake samun matsala ba amsa-amo ba ne, lissafin mutane ne. Gidajenmu na zango gidan yawa ne, yaro ɗaya sai ka ga mata uku sun raine shi, in ka yabi wadda ta haife ka kaɗai ka tsallake abokiyar zamanta ko goggon da ta riƙe ka, wallahi ba wanda zai ce maka uffan a wajen, sai dai washegari ka gaishe ta ta amsa ciki-ciki. Shi ya sa kowace muke ba ta baiti guda, mahaifiya biyu, mamata a ƙarshe. Kuma ba a kama sunan yanka, wannan kunyar har gobe muna da ita kamar ku.

In za ka yi wa Hajiya tata a Tudun Wada, cire kokon nan, ita ai da keken ɗinki ta biya muku kuɗin makaranta, shi za ka sa. Ka gaishe min da ita.