Ba su cike fom ɗin ba, ni kuma ina jin nauyin tuna musu

Assalamu alaikum Anti. Ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfani a Kano. An ɗora min jin ra'ayin ma'aikata kan sauya lokacin tashi daga aiki, sai na shirya tambayoyi a Google Forms na tura guruf ɗinmu na WhatsApp, na ce ba a buƙatar suna. Mu 64 ne, mutum 23 kawai suka amsa, ga shi ranar Litinin manaja yake son rahoto. Da yawansu sun haife ni. Wata ta ce in jera sunayen waɗanda nake zargin ba su cike ba a guruf. Yaya zan tuna musu ba tare da an ce na yi rashin kunya ba?

Ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki kuskura ki jera sunan kowa. Kin yi wa mutane alkawarin sirri, to ranar da suka ga sunaye, abin da zai zo ransu shi ne ashe ana ganin wanda ya rubuta me. Daga nan wanda bai cike ba zai ƙara ja baya, wanda ya cike kuma zai fara nadamar gaskiyar da ya faɗa. Ga kuma dattijon da aka ambaci sunansa a gaban na ƙasa da shi: ko ya cike, cikawar fushi ce.

Kafin ki rubuta komai, buɗe saitin fom ɗin. In an kunna "Limit to 1 response", dole sai mutum ya shiga asusunsa na Google kafin fom ya buɗe masa, kuma mutane da yawa wani ne ya buɗe musu asusun, ba su riƙe kalmar sirrin ba. Ki duba "Collect email addresses" ma, domin in yana kunne, sirrin da kika ambata babu shi. Ki karɓi wayar wani direba ko masinja ki gwada a gabansa. In ya tsaya a shafin shiga, ba ƙin amsawa suka yi ba, hanya ce ta toshe.

Saƙon kuma ga kowa za ki tura shi, tunda ba ki san takamaimai wanda ya amsa ba. Ga yadda zan rubuta:

"Assalamu alaikum, barkanmu da aiki. Muna godiya ga waɗanda suka riga suka cike fom ɗin jin ra'ayi kan lokacin tashi. Wanda bai samu dama ba tukuna, don Allah a taimaka a cike kafin ƙarfe 4 na yammacin Alhamis. Tambayoyi 6 ne, ba za su wuce minti 3 ba, kuma ba a rubuta suna. Da amsoshin nan za a tsayar da sabon lokaci. Ga shi nan a ƙasa. Na gode."

Kalmomin "bai samu dama ba" su ne suke ɗauke miki nauyin, domin sun ba mutum uzuri tun kafin ya nema. "A taimaka a cike" kuma ya fi "ku cike" laushi a kunnen babba. Adadin tambayoyi da mintuna ki sa na gaskiya: ki cike da kanki kina duba agogo, kada ki ce 3 alhali 10 ne. Ki sake liƙa adireshin fom ɗin a jikin saƙon, don babu mai komawa baya yana laluben tsohon saƙo cikin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. Na zaɓi Alhamis ne saboda Juma'a hankali yana masallaci, ke ma kina buƙatar lokacin haɗa rahoto.

Ki tura da safiyar Talata, bayan an zauna an natsu. Safiyar Alhamis ki ƙara layi ɗaya: "Yau ƙarfe 4 za a rufe, mun kai mutum kaza, saura kaɗan." Daga nan ki tsaya, na uku ya zama naci. In da imel za ki tura, sa adireshin mutane a Bcc, wato gurbin da ke ɓoye adireshin kowa daga sauran.

Manyan da kike jin nauyinsu kuwa, kada ki bar su da saƙon guruf kaɗai. Ki leƙa ofis ki gaida Alhaji ko Hajiya, ki ce, "Ranka ya daɗe, ko fom ɗin nan ya buɗe a wayarka?" Tambaya ce ta taimako, kuma ta isa tunatarwa. Masu gadi da masu shara da ba su da babbar waya, ki buga musu a takarda da Hausa, ki ajiye kwali rufaffe a bakin ƙofa su jefa. Sauyin lokacin tashi su zai fi shafa, kuma ina kyautata zaton da yawa cikin 41 ɗin nan suna cikinsu.

Antinki